Liye na Uku

Ƙarar ta iske Ooi Siew Peng a ofis ne, a saman bene, tana juya kofin da ya riga ya huce. Ba ihu ta fara ji ba. Wani "ƙwas" ta ji, irin na rake in an karya shi a gwiwa, sannan ihun ya biyo baya. Ko daga barci aka tashe ta ta san muryar ƙaninta Boon Leng.

Ba ta san yadda ta sauko matakalar nan ba. Takalmi ɗaya a ƙafa ta isa zauren gwaji, ta ture mutane, ta leƙa cikin kejin wayar da aka kewaye sabuwar na'urar da shi. Hannun ƙarfen na'urar mai ɗaukar faranti, wanda ya fi mutum biyu tsawo, ya danne Boon Leng a jikin ginshiƙi. Damtsensa na dama ya lotsa kamar gwangwanin da mota ta taka, ƙashi ya huda rigar aiki ya leƙo fari fat, jini kuwa yana tsartuwa har kan wayar kejin. Wani ya riga ya doki jan maɓallin tsayarwa, amma aikin gama ya gama.

Wata huɗu kamfaninsu na Bayan Lepas, a tsibirin Penang, yana haɗa wannan na'ura. Masu sayenta mutanen Taichung ne, can Taiwan, kuma sun aiko injiniyansu, wani siririn mutum mai tabarau da ake kira Chiu, ya gwada ta kafin a loda ta a jirgi. Shi ne ke tsaye gaban allon sarrafawa, littafin umarni a buɗe a hannunsa. Makullin ƙofar kejin, wanda ke kashe wuta da zarar an buɗe, tun ranar Litinin aka toshe shi don gwaji ya yi sauri. Kowa ya san haka, kuma kowa ya kau da kai.

Da sandunan ƙarfe aka ɗaga hannun. Babban yayansu Boon Hock, shugaban masu lodi, shi ya sungumi Boon Leng kamar jariri ya yi waje da shi wajen motar kamfani, yana ta ruri a ba shi hanya. Kafin ya fita ya juyo ya nuna Chiu da haɓa.

"Ku riƙe mini wannan ɗan iskan. In ya ɓace, wanda ya sake shi ne zai biya."

Ai kuwa kamar jira suke. Mutum uku suka yi kan Chiu. Ɗaya ya kwaɗa masa mari tabarau ya yi tsalle, ɗaya ya shaƙe wuyan rigarsa, na ukun ya sa masa gwiwa a ciki har ya durƙusa. Yana cewa, "Na rage gudun! Na rage, ya tambaye ni na ce na rage, ku duba allon!" Wa zai duba? Suka ja shi ƙiii a kan siminti zuwa ɗakin canza kaya, suka turo ƙofa. Mai gadi ya leƙo, ya ga fuskokinsu, ya tuna yana da aiki a bakin get. Mai kamfanin kuwa, Tauke Yeoh, tun safe ya haye gada zuwa tashar jiragen ruwa.

Siew Peng ce kaɗai ta duba allon. Ita ma ba don tausayin Chiu ba, don a lokacin da za a ba ta wuƙa da ta yi masa abin da ba a yi wa akuya ba. Littafin da ya faɗi ƙasa ne ya ja ta, don nata ne. Ita ce mai rubuta littattafan umarni na kamfanin shekara tara.

A allon akwai jadawalin gudu, gida huɗu a kwance, gida huɗu a tsaye, kowane gefe da lamba ɗaya zuwa huɗu, babu suna ko ɗaya. Layukan kwance na injinan da ke motsa hannun ne, kowane layi inji ɗaya. Layukan tsaye kuma yanayin aiki ne, na ukunsu shi ne na lokacin da mutum ke cikin keji. Wanda zai shigar da mutum ciki dole ya sauke duk lambobin layin tsaye na uku zuwa goma, don injinan huɗu su riƙa rarrafe. Ta duba. Akwai goma guda huɗu, an jera su tsaf, amma a kwance suke. Chiu ya rage wa inji na uku gudu a kowane yanayi, sauran ukun kuma ya bar su da cikakken ƙarfinsu.

Ta ɗauki littafin, shafi na arba'in da bakwai, jini ya ɗan taɓa gefensa. "A mayar da duk lambobin liye na uku zuwa goma kafin kowa ya shiga." Sai ta zauna daɓas a ƙasa.

Liye. Ga mutumin babban yankin Sin, liye layin tsaye ne, hang kuma layin kwance. Ga mutumin Taiwan, liye layin kwance ne, na tsaye kuwa a jadawalin kwamfuta lan yake ce masa. Harafi ɗaya, zane ɗaya, furuci ɗaya, amma wannan ya ga tsaye wancan ya ga kwance. Kuma abin da ya fi ƙona mata rai, ta san wannan sarai. Shekara huɗu ta yi tana karatu a Tainan, can Taiwan, kuma a makonta na farko malamin lissafi ya sa aji ya yi mata dariya a kan wannan kalmar.

Manhajar na'urar wasu samari ne a Suzhou, can babban yankin Sin, suka rubuta, bayaninsu kuma ya zo da kalmomin can da sauƙaƙƙen rubutun can, wanda su ma 'yan Penang shi suka koya a makaranta. Mutanen Taichung suka ce su da tsohon rubutu mai cikakken zane suke son littafinsu. Siew Peng ta nemi mako uku. Tana da ƙa'idarta, wadda duk wanda ya zauna kusa da ita ya gaji da ji: kafin ka rubuta kalma ka san wa zai karanta, kowane yanki da jerin kalmominsa, kalmar da ke da fuska biyu a guje ta a kira abu da sunansa a sa hoto, sannan a ba ɗan yankin ya karanta yana yi kana kallon hannunsa.

Tauke Yeoh ya yi dariya har yana buga tebur. "Mako uku? Ke Siew Peng, Sinanci ai Sinanci ne. Ba ga manhajar juya rubutu ba? Danna maɓalli ɗaya, ki je ki ci taliyarki."

"Tauke, zanen harafi take juyawa, ba ma'ana ba."

"Wadda ɗana ya sa mini har kalma tana juyawa. Gwada ki gani, malamar Taiwan."

Ta gwada, kuma gaskiyarsa, ta juya. Inda aka rubuta ruwanjiyan, wato manhaja a bakin mutanen babban yanki, ta mayar da shi ruwanti irin na Taiwan. Linzamin kwamfuta, ma'ajiyar bayanai, buga takarda, duk ta sauya musu riga. To amma liye fa? Liye kalma ce mai kyau a nan, mai kyau a can, manhaja ba ta ga abin gyara ba, ta wuce ta. Wannan shi ne mugun abin, don littafin ya fito da kamannin ɗan gida sak, ta yadda mutumin Taichung ba shi da dalilin zargin ko layi ɗaya. Siew Peng ta ce a ranta za ta bi shi shafi-shafi da kanta. Ta bi talatin. Ranar Juma'a ce, ana jiranta a makarantar 'yarta, sauran shafukan kuma jadawali ne da lambobi, ta ce me zai faru a jadawali? Ta aika aka buga.

Yanzu ga ta zaune a siminti, ba wanda ya san wannan duk duniya sai ita. Chiu bai san kuskuren ba, don shi a ganinsa ya bi umarni. Tauke ba ya karanta littattafan da yake sayarwa. In ta rufe littafin ta miƙe ta bi motar zuwa asibiti, shi ke nan, baƙo ya yi sakaci, baƙo ya sha duka. Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske mai sa fitsari, kuma ba za a ɓoye ba, ta rufe littafin. Har ta kai bakin ƙofar fita.

A nan ta yi karo da Boon Hock yana dawowa. Motar ta tafi da mai ba da taimakon gaggawa, shi an ce ya sauka don ba wuri. Gaban rigarsa ya jiƙe sharkaf da jinin ƙaninsu. Bai ko dube ta ba. Ya tsaya wajen teburin kayan aiki, ya ɗaga sufana ya ajiye, ya ɗauki ƙaton bututun ƙarfen da suke ƙara wa sufana tsawo, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Yaya," ta ce. "Yaya, an kira 'yan sanda, ka bari su zo."

"Su zo mana. Za su tarar da abin ɗauka."

"Me mai taimakon gaggawa ya ce?"

"Hannun ya tafi. Saura a ga ko shi zai tsaya." Ya ture ta da kafaɗa. "Je ki wajen Mama, kada ta ji a bakin wani."

Ta san yayanta. Tun suna yara a Jelutong shi ne mai rama musu faɗa, kuma bai taɓa sanin inda ake tsayawa ba. Ta bi shi a guje, littafin a ƙirji.

Ɗakin canza kaya ya cika da mutane da warin gumi. Chiu yana zaune a ƙasa, ya jingina da akwatunan ƙarfe na ajiye kaya da suka rufe bangon tun daga ƙasa har sama, leɓensa ya fashe, ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Da ya ga bututun sai ya fara ja da baya, alhali babu bayan da zai ja.

"Yallaɓai injiniya," in ji Boon Hock, a hankali, da yaren Hokkiyen da su biyun duk suke ji. "Da wane hannu ka danna?"

"Na bi littafin, babban yaya, na rantse da iyayena na bi..."

Bututun ya sauka a ƙaurinsa. Ƙarar ta yi daidai da wadda Siew Peng ta ji daga bene. Chiu ya yi wata irin kuwwa, ya dunƙule, sai Boon Hock ya sa takalmin aiki ya shure shi a haƙarƙari, sau ɗaya, sau biyu, ya take masa wuya.

"Babban yaya? Uwarka ce ta haife ni? Yaro mai 'ya'ya biyu ya tambaye ka ka rage, ka ce ka rage. Ko kunnenka ne ke ciwo in gyara maka?"

"Ƙara masa!" wani ya ce daga baya. "Su zo ƙasarmu suna mana kallon ƙauyawa!"

Boon Hock ya ɗaga bututun da hannu biyu, wannan karon saitin kai.

"Ni ce!"

Muryar Siew Peng ta fito siririya, ba wanda ya juyo. Sai ta ɗaga littafin ta maka shi a jikin akwatunan da duk ƙarfinta, ƙarfe ya amsa kamar ganga.

"Na ce ni ce! Yaya, sauke. Abu ɗaya zan tambaye ka, in ka amsa ka kashe shi, ni zan riƙe maka ƙafafunsa."

"Fita daga nan, Siew Peng."

"Ga akwatuna a gabanka. Nuna mini liye na uku."

"Ke mahaukaciya ce? Ƙaninki yana can yana..."

"Nuna mini!"

Wataƙila don bai taɓa jin ta daka masa tsawa ba ne. Ya miƙa bututun ya ja shi a jikin akwatunan daga sama zuwa ƙasa, ƙiiii, layi na uku daga hagu. Shekara ashirin yana aiki da na'urorin babban yanki, ko a mafarki haka zai nuna. Mutum biyu uku suka gyaɗa kai, to, sai me?

Ta durƙusa gaban Chiu, ta kama fuskarsa ta juya ta wajen bangon. "Malam Chiu. Ka ji ni? Liye na uku. Nuna musu."

Bai fahimci abin da take nufi ba, kuma wannan ne ya sa kowa ya yarda. Ya ɗaga hannu, ya ƙirga daga sama, ɗaya, biyu, uku, ya ja yatsa daga hagu zuwa dama, ya bar jan layi a kwance a kan ƙofofin da ya iya kaiwa.

Kowa ya bi jan layin da kallo.

"Haka suke cewa a can," in ji ta. "Duk tsibirinsu, tun daga ɗan firamare. Abin da littafin ya ce masa shi ya yi, bai tsallake ko harafi ba. Je ka duba allon, goma huɗu na nan a kwance. Da an rubuta lan, ko an rubuta layin tsaye mai lamba uku an sa hoto, da Boon Leng yana nan yana cin abincin rana."

"Samarin Suzhou ne ke nan," wani dattijo mai walda ya ce da sauri, don ya ga inda maganar ta dosa. "Ko Tauke, shi da ya hana lokaci. Kuma wa ya toshe makullin ƙofa? Ai da mu duka..."

"Samarin Suzhou sun rubuta daidai da garinsu. Tauke bai san bambancin ba, kawu, ko a faranti aka ba shi." Ta dubi yayanta. "Ni na sani. Aikina ke nan, don shi ake ajiye da ni. Na duba shafi talatin na gaji na tafi gida. Wannan na arba'in da bakwai ne."

Boon Hock ya kafe ta da ido. Jijiyar wuyansa tana bugawa ana gani.

"Kin sani," ya ce.

"Na sani."

"Mu muka yi ta lodi a tashar ruwa, ni da shi, aka tura ki Taiwan ki koyo. Shi ya bar makaranta a aji uku."

"Na sani, Yaya."

"Ƙarya kike! Kare shi kike yi!" Ya juya kan Chiu da ruri, don duka ya riga ya taru a hannunsa kuma dole ya sauka a kan wani, ya kawo bututun da dukkan nauyinsa. Siew Peng ba ta yi tunani ba. Ta faɗa kan mutumin, ta rufe kansa da hannunta na dama.

Ta ji yatsunta sun tarwatse kafin ta ji zafin. Da zafin ya zo kuwa sai da ta yi amai a kan rigar Chiu. Sai a lokacin mazan nan da suka tsaya kallo suka tuna suna da hannuwa, mutum biyar suka rufar wa Boon Hock, ya watsar da biyu, ya fasa wa dattijon walda hanci da gwiwar hannu, kafin suka kai shi ƙasa suka murɗe bututun. Yana ƙarƙashinsu yana kuka kamar sa a mayanka, yana kiran sunan Boon Leng. Tir da wannan rana.

Jiniya ta fara jiyowa daga babban titi. Aka ɗauko ƙyauren tebur aka ɗora Chiu, ƙafarsa tana lilo ta inda ba gaɓa. Da za a wuce da shi ya kamo gefen rigarta.

"Malama Ooi," ya ce da fasasshen baki. "An aika kwafi Taichung. Masu aikinmu suna karantawa tun jiya."

Akawun ofis ce ta riƙe mata waya a kunne, don hannun hagun yana tallafe da na daman. Siew Peng ta jingina da bango, ta ce wa wanda ya ɗauka a can su tattara littafin duka su kulle, kada wanda ya taɓa na'ura da shi ko da ta iso. Ta ce shafi na arba'in da bakwai, inda aka ce liye a karanta lan, layin da ya sauko daga sama zuwa ƙasa, mai lamba uku a kansa. Ta sa shi ya maimaita mata sau biyu. Ta ce akwai sauran shafuka da ba ta duba ba, kada su yarda da ko ɗaya.

'Yan sanda biyu suka fito da Boon Hock, hannu a baya. Ya daina kuka, fuskarsa ta bushe. Da suka zo daidai inda take sai ya tsaya, su ma suka bar shi, ya dubi hannun nan da ya kumbura ya yi baƙi, yatsu uku sun kalli inda ba su saba kallo ba.

"Yaya," ta ce.

"Ke za ki gaya wa Mama. Da bakinki, yadda kika gaya mini. In Boon Leng ya farka shi ma ke za ki gaya masa, kada ki bar wa kowa."

"Zan gaya musu. Yaya, ka..."

"Ke ce gwanar zaɓen kalma," ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Ki nemo wata ki riƙa kirana da ita. Wannan ta Yaya ba taki ba ce kuma."

Suka sa shi a mota. Akawun ta tambaye ta ko a kai ta asibiti tukuna, ta girgiza kai, ta ce a fara biyawa da ita ta Jelutong, wajen Mama.